Kwana nawa tukunyar gas take yi, kuma nawa girki ɗaya yake ci?

Kwana nawa ya kamata tukunyar gas mai kilo 12.5 ta yi a gida? Wannan tambaya ta dawo bakin jama'a a Birnin Kebbi tun da kuɗin cika tukunya ya fara taɓa aljihu, musamman bayan tsadar da aka sha a watan Oktoban 2025. Idan ka tambayi mutum biyar a Badariya ko Gesse, amsa biyar za ka ji. Wata ta ce tata tana wata biyu, wata ta ce ko mako uku ba ta kaiwa. Daga nan sai zargi ya biyo baya. Maigida ya ce ana ɓarna a kicin, uwargida ta ce mai gas ne ya yi tauye, mai gas kuma ya rantse cewa sikelinsa lafiya lau yake. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, domin tambayar ce tun farko ba a yi ta daidai ba. Tukunyar gas ba ta san kwana ba. Awannin da wuta ta yi tana ci, da ƙarfin wutar, su ne suke cinye ta. Wanda ya gane wannan zai iya lissafa kwanakin tukunyarsa da kuɗin kowane girki da kansa, ba sai ya dogara da na maƙwabciya ba.

Me ke cikin tukunyar?

Abin da ake ɗura maka ruwa ne, ba iska ba. Gas ɗin girki, idan aka matse shi a cikin tukunya, yana komawa ruwa ya kwanta a ƙasa, tururinsa ya taru a sama. Idan aka buɗe murhu tururin ne yake fita, sai ruwan da ke ƙasa ya ƙara tashi ya maye gurbinsa. Shi ya sa ba a cika tukunya har baki. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar a sama babu ruwa, don idan zafi ya yi yawa ruwan ya sami wurin kumbura. A garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, wannan fili da aka bari ba cuta ba ce, kariya ce. Mai roƙon a “ɗan ƙara danna masa” fiye da kilon da aka rubuta a jikin tukunya yana roƙon haɗari ne.

Saboda haka da nauyi ake sayar da gas, kuma da nauyi kaɗai ake sanin abin da ya rage. Ɗan agogon nan mai allura da ke jikin wasu kawunan tukunya ƙarfin matsi yake nunawa, kuma matsin ba ya sauka sosai muddin da sauran ruwa a ciki. Allurar za ta tsaya a kore har gas ya kusa ƙarewa, sannan ta faɗi lokaci guda, sau da yawa tuwo yana kan wuta.

A wuyan tukunya ko a gindinta akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfe. Wadda ta fi muhimmanci ita ce mai haruffan TW, ko kalmar Tare: nauyin tukunyar ke nan idan babu komai a ciki. Akwai kuma WC, wadda take nuna litar ruwan da tukunyar za ta iya ɗauka, kuma ba ruwanta da lissafinmu. Idan TW na tukunyarka 13.4 ne, kuma ba komai a ciki, ka biya kuɗin kilo 12.5, to sikeli ya nuna 25.9 bayan an cika. Duk abin da ya gaza haka, kuɗinka ne ya rage a wurin mai gas.

Abin da wuta take ci a awa

Kan murhu matsakaici na gida, irin na murhun tebur mai kai biyu, yana cin kusan giram 150 a awa ɗaya idan an buɗe shi duka. Babban kai yana haura giram 200. Idan aka rage wutar ta zama ƙarama, irin wadda ake barin miya a kai ta ƙarasa, cin yana sauka zuwa rabi ko ƙasa da haka. Murhun ƙarfe mai faɗi na masu sayar da abinci kuwa wani abu ne daban, yana iya cinye rabin kilo a awa ba tare da wata matsala a jikinsa ba.

Idan aka raba giram 12,500 da 150, za a sami awa 83 da 'yan mintoci. Wannan ita ce amsar gaskiya ta farko: tukunya mai kilo 12.5 tana ɗauke da wutar awa 80 da ɗoriya a kan matsakaicin kai. Gidan da yake kunna wuta awa ɗaya da rabi a rana zai kusa wata biyu. Gidan da yake awa huɗu zai ƙare a mako uku. Babu wanda aka cuta a cikinsu. Kuma idan an kunna kai biyu lokaci guda na tsawon awa ɗaya, awa biyu aka ci, abin da mutane da yawa suke mantawa idan suna cewa “ai ni awa ɗaya kawai nake yi a kicin.”

Lissafin gida ɗaya

Mu ɗauki gida mai mutum shida, miji da mata da yara huɗu, suna girki sau uku a rana. Mu kuma ɗauka ana sayar da kilo naira 1,200. Wannan farashi misali ne kawai don lissafi ya yi sauƙi, kowa ya sa abin da ya biya a cikawarsa ta ƙarshe. A kan haka cika tukunyar naira 15,000 ne, kuma kowane giram 100 na gas naira 120 ne.

Da safe a tafasa ruwan shayi ko na damun koko, a yi ɗumamen tuwon jiya. Rabin awa a wuta mai ƙarfi, giram 75 ke nan, wato naira 90.

Da rana shinkafa da wake. Wake shi ne mai cin lokaci, sai ya kusa awa ɗaya kafin a zuba shinkafa, sannan ga soya mai da albasa. A ce awa ɗaya da rabi gaba ɗaya. Amma ba duk lokacin ne wuta take a buɗe duka ba, ana ragewa idan ruwa ya fara tsotsewa, don haka mu sa giram 120 a awa. Ya zama giram 180, naira 216.

Da dare tuwon shinkafa da miyar kuka. Shinkafar tuwo sai ta dahu luguf kafin a tuƙa, a bar shi ya turara, awa ɗaya ta tafi. Miya da ɗan nama ko busasshen kifin Yauri, minti 45. Jimla awa ɗaya da minti 45, giram 210, naira 252.

Idan aka haɗa, gidan yana cin giram 465 a rana, naira 558. A raba giram 12,500 da 465, tukunyar za ta yi kusan kwana 27. Idan aka raba naira 558 ga mutum shida sau uku, wutar kwanon kowane mutum ta tashi a naira 31.

Akwai abin lura a nan. Mutane sun saba raba kuɗin tukunya da yawan girki su ce kowane girki kaza yake ci. A wannan gida zai ba da naira 186. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma yana ɓoye abin da ya fi amfani a sani, wato girkin dare ya kusa ninka na safe sau uku. Wanda yake son tukunyarsa ta ƙara kwana, ba a shayin safe zai nemi ragi ba. Wake, tuwo, ganda da naman kai, nan gas yake tafiya.

Yadda za ka auna naka

Lambobin da ke sama na murhu matsakaici ne, naka zai iya ɗara su ko ya gaza. Hanyar sanin naka ba ta buƙatar komai sai sikelin rataye, irin wanda masu sayar da kaji ko kayan gwangwan suke amfani da shi. A rufe kan tukunya, a cire tiyo, a auna ta ranar da aka kawo ta, a rubuta nauyin da kwanan wata da alli a jikinta. Bayan kwana bakwai a sake aunawa. Kada a auna bayan girki ɗaya, domin irin wannan sikeli ba ya ganin giram 75 da kyau, mako guda ne yake ba da bambancin da za a yarda da shi.

A ce ranar farko ta nuna 25.9, bayan mako ta nuna 22.6. An ci kilo 3.3, wato kusan giram 470 a rana. Daga nan komai ya fito: a mayar da cin rana zuwa kilo, wato 0.47, a raba kilon da aka saya da shi a sami kwanaki, a ninka cin rana da kuɗin kilo a sami kuɗin wutar rana. Amfanin wannan awo bai tsaya ga lissafi ba. Da zarar gida ya san cinsa na mako, duk watan da tukunya ta ƙare da wuri ana iya bin sawun dalilin, maimakon a tsaya cacar baki.

Wanda ba shi da sikeli yana iya gwada ruwan ɗumi. A kwarara shi a gefen tukunya daga sama zuwa ƙasa, a ɗan jira, a shafa da tafin hannu. Inda ƙarfen ya koma sanyi, nan ruwan gas ya tsaya. Wannan yana nuna ko an kai rabi ko an kusa gindi, amma ba ya isa a kama mai tauye da shi.

Ina kwanakin suke tafiya?

Mu koma gidan nan mai kwana 27, mu ga abin da zai iya rage su.

Na farko, kuma wanda aka fi raina shi, ruwan wanka ne. Tafasa lita ɗaya ta ruwa yana cin kusan giram 13 na gas. Ba wani abu ba ne idan shayi ne. Amma idan hunturu ya shigo, a Disamba da Janairu, aka riƙa tafasa lita 20 kowace safiya don sirka wa mutum shida ruwan wanka, giram 260 ke nan a rana, fiye da abin da tuwo da miya suke ci. Cin gidan ya tashi daga 465 zuwa 725, tukunyar kwana 27 ta koma ta kwana 17. A nan ne za ka ji maigida yana cewa, “Maman Sadiya, yanzu fa aka cika tukunyar nan,” ita kuma ta ce, “Wallahi Malam, ban ƙara ko cokali a girkin da na saba ba.” Kuma gaskiya ta faɗa, girkin bai ƙaru ba. Babu wanda ya sa ruwan zafin yara a lissafi. Masu cewa gas na lokacin sanyi ba ya auki, yawanci wannan ne ya same su.

Na biyu tauyen awo. Idan ka biya kuɗin kilo 12.5 aka zuba maka 11.5, kwana biyu ka rasa, kuma kilon da ka ɗauka naira 1,200 ne ya zama kusan 1,300. Ba kowane mai gas ne yake yi ba, kuma wani lokacin sikelin ne ya lalace ba da niyyarsa ba. Maganin duka ɗaya ne, a auna tukunya a gabanka kafin a ɗura da bayan an ɗura. Akwai kuma ragowar gas. Idan aka kai tukunya da sauran kilo ɗaya a ciki, kilo 11.5 kawai za ta karɓa, don haka kuɗin 11.5 ya kamata a biya. Yaron da aka aika ba zai san wannan ba sai an gaya masa. A wuraren da injin yake ƙirga lita, a tuna cewa lita ba kilo ba ce: kilo ɗaya ya kusa lita biyu. Duba sahihancin sikelin 'yan kasuwa aikin sashen awo ne na ma'aikatar kasuwanci ta tarayya, lasisin wuraren cika gas kuma yana hannun NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan tacewa da rarraba mai da gas, amma a zahiri idon mai saye shi ne ya fi kusa da sikelin.

Na uku yoyo. Wannan ya fi sauran muni, domin bayan asarar kuɗi akwai gobara. Wuta tana ci awa uku ko huɗu a rana, yoyo kuwa awa 24 yake yi idan ba a rufe kan tukunya ba. Ko giram biyar yake fita a awa, ya zama 120 a rana, kwana 27 su koma 21. Yawanci daga wuri uku yake fitowa: 'yar robar da ke cikin bakin tukunya idan ta taushe, tiyo da zafi ya busar ya tsattsage, ko mahaɗar tiyo da murhu idan ba a ɗaure ta da maɗauri ba. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a waɗannan wurare. Inda kumfa ta riƙa tasowa tana girma, nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Warin da ake ji da gangan aka zuba shi a cikin gas don ya yi gargaɗi, kuma gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa mai tsaye zai iya rasa jin warin da ya taru a ƙasan kicin.

Sauran kuma halin girki ne. Ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wuta, tururi kawai yake ƙarawa. Wake a kan wuta mai ruri ba ya riga wake a kan wutar da ta isa ta riƙe tafasa nuna, amma na farkon ya ci gas ninki biyu. Harshen wuta da ya fito yana lasar gefen tukunyar girki ɗaki yake ɗumamawa. Tukunya ba marfi tana zubar da zafinta, haka ma girki a tsakar gida inda iska take kaɗa wutar gefe. Wutar da ta koma ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya alama ce cewa ramukan kan murhu sun toshe ko iska ba ta shiga daidai, kuma gas yana fita bai ƙone duka ba. A cire kan, a goge shi, a tsokace ramukan da siririyar waya har wutar ta dawo shuɗiya. Jiƙa wake tun dare, ko tukunyar matsi ga mai hali, yana rage lokacin dahuwarsa sosai.

Akwai kuma abubuwan da ake ɗora wa laifi ba su ji ba su gani ba. Zafin gari ba ya shanye gas daga tukunyar da take rufe ruf. Girman tukunya ma ba ya sauya auki: kilo ɗaya a ƙaramar tukunya da kilo ɗaya a babba wuta ɗaya suke bayarwa. Bambancin da ake gani daga kan murhun da aka ɗora ne.

Mai sayen kaɗan ya fi biya

Tun da farashi ya tashi, mutane da yawa sun daina cika tukunya, sai dai “a zuba na dubu biyu.” A kan naira 1,200, wannan kilo ɗaya ne da giram 670, wato kwana uku da rabi ga gidan da muka yi misali da shi. Idan a ɗan shagon unguwa aka saya, inda kilo yakan ɗara na babbar tasha tsada tunda shi ma sarowa ya yi, a ce naira 1,400, kwana uku kawai zai yi.

Kuɗin mashin ma yana cikin farashi, ko da yake ba a cika sa shi ba. A ce zuwa da dawowa naira 600 ne. Ga mai cika kilo 12.5, wannan ya ƙara kusan naira 50 a kan kowane kilo. Ga mai tukunyar kilo 3 kuwa, naira 200 ya ƙara a kowane kilo. Wannan, a ganina, shi ne rashin adalcin da ke cikin lamarin: wanda ba shi da dubu goma sha biyar a dunƙule shi ne yake dafa tuwonsa da wuta mafi tsada.

Me ya sa kilon yake hawa?

A taƙaice, nisa da dala. Gas ɗin da muke girki da shi daga kudu yake fitowa, daga kamfanin NLNG da ke Bonny a jihar Ribas, da matatar Dangote a Legas, da wasu masana'antun, wani kuma daga waje ake shigo da shi. Kafin ya iso Birnin Kebbi sai tanka ta bi doguwar hanya, ta Kontagora da Yauri da Jega, kuma kuɗin dizal ɗinta a kan kilo yake sauka. Ko wanda aka samar a gida farashinsa yana bin na kasuwar duniya, don haka faɗuwar naira tun daga 2023 ta ja shi sama. Gwamnatin tarayya ta cire masa harajin kayan masarufi, ta kuma sanar da hana fitar da na gida waje a ƙarshen 2024, amma yajin aikin 'yan kwanaki na PENGASSAN, ƙungiyar manyan ma'aikatan mai da gas, a ƙarshen Satumban 2025 ya isa ya sa gas ya yi ƙaranci, farashi ya yi tsalle a faɗin ƙasa. Ga gida mai cin giram 465, duk ƙarin naira 100 a kilo yana nufin kusan naira 1,400 a wata.

To, a koma gawayi?

Masu cewa a koma suna da hujja: gawayi ana saye na ɗari biyu a ƙofar gida, ba ya neman kuɗin tukunya da murhu a dunƙule, kuma ga girki mai tsawo yana da haƙuri. Masu gas su ma suna da tasu: ba hayaƙi a ido da ƙirji, ba jiran wuta ta kama, kuma da an kashe ci ya tsaya, alhali garwashi yana ci gaba da ƙonewa bayan an sauke tukunya. Ba a raba wannan gardama da baki. Gida ya san kuɗin wutarsa na rana, kamar naira 558 ɗin nan, sannan ya yi mako guda yana rubuta abin da ya kashe a gawayi don girki iri ɗaya, har da kananzir ko ledar da ake hura shi da ita.

Abin da lissafin yakan nuna shi ne ba dole a zaɓi ɗaya ba. Gas ya fi riba a aikin gaggawa: shayi, ɗumame, taliya, suyar ƙwai, miyar da ba ta wuce rabin awa ba, inda hura gawayi don aikin minti goma asara ce. Wake, ganda, dahuwar nama mai yawa da ruwan wankan hunturu kuwa su ne ya dace a mayar kan gawayi idan aljihu ya matsa, kuma a waje, ba a cikin ɗaki a rufe ba, saboda hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Idan gidan misalinmu ya ɗauke dahuwar wake kaɗai daga kan gas, kusan giram 100 ya rage a rana, tukunyarsa ta tashi daga kwana 27 zuwa 34.